Sanyin daren Ƙasim bayan rana ta gasa mutum: daga ina yake fitowa?

Malam, barka da warhaka. Ni haifaffen Jidda ne, watana biyu ke nan da kama aikin gadi a wata mazra'a, wato gona, a wajen Buraida da ke yankin Ƙasim na Saudiyya. Da rana yashi ba ya takuwa ko da takalmi, amma kafin asuba sai na haɗa bargo biyu. A Jidda ban san haka ba. Mai gonar kuma ya ce in shirya, wai a hunturu sanyi yana ƙone masa dankali ko da waya ta nuna digiri 4. Ina zafin ranar yake tafiya, kuma yaya za a yi in gane daren da zai yi tsanani?

Ƙanena, barka kadai, Allah ya sa albarka a sabon aiki. Na yi shekaru ina awon yanayi a gonakin Ƙasim da Tabuk, kuma daren farko da na kwana a fili a can na tashi da tsakar dare ina lalube ko wata iska ce ta taso. Na ɗaga yatsa sama, ko motsi babu. Ganyen dabino a tsaye cik, taurari tar kamar ka miƙa hannu ka tsinko. To wannan shirun da wannan hasken taurarin su ne amsar. Babu wani sanyi da ya zo maka daga wani wuri a irin wannan daren. Zafin da ƙasa ta sha da rana ne ya tashi ya tafi sama, bai tarar da abin da zai dawo da shi ba.

Ka san hucin garwashi. Idan ka zauna kusa da kasko, fuskarka tana jin zafi alhali ba ka taɓa wutar ba, iskar da ke tsakaninku ma ba ta yi wani ɗumi ba. Idan wani ya gitta tsakaninka da kaskon, nan take hucin ya yanke. Wannan hucin haske ne, sai dai ido ba ya ganinsa, masana suna kiransa infirared. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba wuta kaɗai ke fitar da shi ba. Duk wani abu da ke duniya yana huci gwargwadon ɗuminsa: bango, yashi, ganye, rufin mota, jikinka. Ƙasar da zafinta ya kai digiri 25 tana fitar da kusan wat 450 daga kowane murabba'in mita. Ka ƙiyasta tabarmar sallarka, ka jera mata tsofaffin ƙwayayen lantarki masu wat 100 guda huɗu da rabi, duk a kunne. Haka ƙasa ke zubar da zafi dare da rana, ba hutu. Da rana ba ka lura saboda abin da rana ke zubowa ya fi abin da ke fita. Tun kafin magariba, wajen sa'a guda kafin faɗuwar rana, lissafin yake juyawa, fita ta fi shiga.

Da a ce duk wat 450 ɗin nan tafiya suke yi ba dawowa, da babu mai iya kwana a waje ko a Jidda. Abin da ke ceton mu shi ne sama ma tana huci, tana maido wa ƙasa wani kaso mai yawa. Amma ba dukan iskar ke wannan aikin ba. Kashi 78 cikin ɗari na iska naitirojin ne, kashi 21 oksijin, kuma su biyun nan huci yana ratsa su kamar babu su. Wanda ke tare shi ya sha, sannan ya mayar da shi ƙasa, shi ne tururin ruwa da ke cikin iska, sai iskar kabon da ke taimaka masa. John Tyndall ne ya fara auna wannan a ɗakin gwaji a Landan tun daga 1859. Kabon kusan daidai yake a sararin Jidda da na Buraida, don haka ba shi ne bambancinku ba. Tururin ruwa ne, abin da muke kira ruɗuba.

A nan ne nake so ka natsu, domin nan maganar take. Tururin ruwa bai rufe sama ruf ba. Akwai wani ɓangare na hucin, mai tsawon zango tsakanin maikuromita 8 zuwa 13, da yake wucewa ta cikinsa cikin sauƙi, kuma an yi sa'a ko rashin sa'a, a daidai wannan ɓangaren ne ƙasa ta fi yin huci. Masana suna ce masa taga. Idan iska ta bushe, tagar a wangale take, zafi ya fice kai tsaye zuwa sararin samaniya. Idan ruɗuba ta yi yawa, tagar sai ta tsuke. Idan kuwa girgije mai kauri ya zo ya tsaya ƙasa-ƙasa, ya rufe ta gaba ɗaya, domin ɗigon ruwan da ke cikin girgije yana shanye kusan dukan hucin, ya mayar da nasa.

Bari mu ɗauki magariba guda, mu ce ma'auni ya nuna digiri 25 a Jidda, ya nuna 25 a gonarku. A fata ɗaya suke, a sama ba ɗaya ba ne. Abin da za ka duba shi ne matakin raɓa, wato sanyin da iska za ta kai kafin tururin cikinta ya fara zama raɓa. A wayarka za ka gan shi da sunan `Dew point`, idan kuma da Larabci take, nuƙɗatun nada. A Jidda ba abin mamaki ba ne ka ga 18. A Ƙasim, idan iskar arewa ta share sama, kana iya ganin 5 ƙasa da sifili. Ma'anar wannan a zahiri, kowane mita ɗaya na iska, tsawo da faɗi da zurfi, yana ɗauke da ruwa kusan giram 15 a Jidda, a wurinku kuwa giram 3 kacal, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba.

Akwai wata 'yar ƙa'ida mai sauƙi da wasu masana biyu, Berdahl da Fromberg, suka fitar a 1982 bayan sun auna hucin sama a darare marasa girgije. Tana ba ka kason da sama ke mayarwa:

```
ε = 0.741 + 0.0062 × Td
```

Td shi ne matakin raɓa. Sa 18 a ciki, za ka samu kusan 0.85. Sa 5 ƙasa da sifili, za ka samu 0.71. Wato daga cikin wat 450 da ƙasa ta tura sama, sararin Jidda yana maido kusan 384, asara ta tsaya wajen 66. Sararin gonarku yana maido kusan 320, asara ta kai wajen 130. Ninki biyu ke nan. Idan girgije ya lulluɓe ko ina daga cikin biyun, asarar tana iya faɗowa zuwa wat 20 ko 30. Ƙiyasi ne, ba awon zinariya ba, amma na gwada shi da na'ura shekara da shekaru, yana kai mutum kusa da gaskiya.

Idan kana son ka gani da idonka, ka ari na'urar nan mai kama da bindiga da masu gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke auna zafi da ita daga nesa. Ba irin ta auna goshi ba, waccan iyakarta zafin jiki. Bayan isha'i ka saita ta a kan yashi, ka karanta. Sannan ka ɗaga ta tsaye sama, inda babu girgije. A daren Ƙasim mai bushewa na sha ganin ta nuna 30 ƙasa da sifili, wani lokaci ta wuce iyakar abin da za ta iya karantawa. Dalili, ita ta cikin waccan tagar take leƙe. Ka karkato da ita sannu a hankali zuwa gefen sama, za ka ga lambar tana hawa, saboda ta can hucin yana ratso iska mai kauri. Ran da girgije ya gitta, ka saita ta a kansa, za ka ga ta yi tsalle da digiri ashirin ko talatin. Na taɓa nuna wa wani dattijo makiyayin raƙuma wannan, ya karɓi na'urar ya yi ta jujjuya ta tsakanin girgije da taurari, sannan ya ce shi dai tun yana yaro ya san daren da taurari suka yi yawa ake ƙara itace.

Sama rabin labarin ce. Sauran rabin yana ƙarƙashin ƙafarka. Busasshen yashi ba ya isar da zafi cikinsa sosai, saboda tsakanin ƙwayoyinsa iska ce, iska kuma ba ta miƙa zafi da kyau. Jiƙaƙƙen yashi ya ninka shi wajen sau shida ko bakwai a wannan. Shi ya sa da tsakar rana saman yashi zai kai digiri 60 ko fiye, amma ka tona da hannu kamu ɗaya ka ji sanyi-sanyi. Ka sauka rabin mita, da ƙyar ma'auni zai nuna bambancin dare da rana. Duk zafin nan da ya hana ka taka ƙasa a 'yar fatar sama ya tsaya. Ga shi babu ruwan da zai ƙafe ya rage wa ƙasa zafin, babu girgijen da zai tare ranar, sai ya taru wuri guda ya yi ƙuna. Bushewar da ta sa rana ta gasa ka ita ce dai ta sa dare ya daskarar da kai.

To ka lissafa abin da wannan 'yar fatar za ta biya da dare. Asarar ba ta tsayawa a 130, tana raguwa yayin da ƙasa ke hucewa, don haka mu ce wat 90 a matsakaici, na tsawon sa'a 12. Idan za a cire wannan zafin duka daga yashi mai zurfin santimita 15, zai sauke shi da kusan digiri 20. Idan kuwa daga ruwan teku mai zurfin mita ɗaya za a cire shi, digiri ɗaya ma da ƙyar. Kilo ɗaya na ruwa yana riƙe zafi ninki biyar na kilo ɗaya na yashi, sannan teku yana gaurayawa, wanda ya huce a sama ya nutse, mai ɗumi ya taso. Jidda tana kwana a gefen wannan katafaren tulun ruwan ɗumi na Bahar Maliya, yana ba ta ɗumi, yana ba ta tururi. Buraida kuwa tana tsakiyar Najad, ɗaruruwan kilomita daga kowane teku, a kan tudu mai tsayin mita 600 da ɗoriya, wanda shi kansa yana rage wajen digiri huɗu.

Akwai kuma birki da ruɗuba ke takawa wanda hamada ba ta da shi. Idan iska ta huce ta kai matakin raɓa, tururi ya fara zama ruwa a kan ganye da ƙarfe da gilashi, kuma duk ɗigon da ya sauka yana sakin zafi, zafin nan da rana ta kashe wajen ƙafar da shi tun farko. Raɓar da kaurinta bai wuce kashi uku cikin goma na milimita ba tana maido kusan kashi ɗaya cikin biyar na asarar daren da muka lissafa. Don haka a Jidda, idan matakin raɓa 18 ne, da wuya sanyin asuba ya zarce nan da nisa. Ka tuna yadda kake tarar da gilashin mota a jiƙe da safe, wannan birkin ne ka gani. A wurinku birkin yana can 5 ƙasa da sifili. Daga 25 zuwa can akwai digiri 30 na gangara babu abin tsayarwa, sai dai fitowar rana. Shi ya sa mafi tsananin sanyi ba tsakar dare ba ne, daga asuba ne zuwa hudowar rana, wani lokaci har 'yan mintuna bayan ta ɓullo, domin har lokacin asara ta fi riba.

Kada ka dogara da lambar ruɗuba ta kashi cikin ɗari, tana ruɗar mutane. Iskar gonarku mai giram 3 za ta nuna kusan kashi 13 da magariba, amma da asuba, idan sanyi ya kai digiri 8, sai ta nuna kusan kashi 40, alhali ko ɗigo ba a ƙara mata ba. Iskar ce ta huce, abin da za ta iya ɗauka ya ragu. Matakin raɓa shi ne ke faɗa maka ainihin ruwan da ke sama.

Yanzu maganar dankalin mai gidanka, kuma gaskiya ya faɗa maka. Da dare ƙasa ce ke fara hucewa, ita ce kuma ke sanyaya iskar da ke kwance a kanta. Iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta yi kwanciyarta a ƙasa, mai ɗumi tana bisa. Tashoshin awon yanayi kuwa suna rataye ma'auninsu a cikin farin akwati mai tagogi, tsayin mita ɗaya da kwata zuwa biyu daga ƙasa, kuma galibi a filin jirgi ko kusa da gari. Lambar da ke wayarka ta wannan tsayin ce. Ganyen dankali yana ƙasa da gwiwarka, yana kallon sama kai tsaye, ga shi siriri ba shi da ajiyar zafi. A dare mai shiru da taurari, ganyen yana iya kasa lambar akwatin da digiri huɗu, biyar, har shida. Waya ta ce 4, ganye yana 1 ko 2 ƙasa da sifili, ruwan cikinsa ya daskare ya fasa shi.

Abin da ya fi ɓata wa manoma rai shi ne sau da yawa ba a ganin komai. Inda akwai ruɗuba, sai a wayi gari a ga farin saƙi'i, wato daskararriyar raɓa, a kan ganye kamar an barbaɗa gishiri, kowa ya san abin da ya faru. Inda matakin raɓa ya yi ƙasa ƙwarai, babu tururin da zai daskare a waje, ganye ya daskare ta ciki a ɓoye. Da sassafe za ka gan shi ya yi duhu kamar an jiƙa shi da mai, da hantsi ya yanƙwane, kafin la'asar ya yi baƙi. Na taɓa ganin haka a wata gona a wajen Tabuk, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ɓarnar ta zana taswira. Layukan da ke kan ɗan tudu kore shar. Waɗanda ke cikin kwari, bambancin bai fi mita biyu ba, sun ƙone ƙurmus. Layin da ke gindin itatuwan da aka dasa don tare iska ya tsira, saboda rassan sun rufe masa rabin sama. Iska mai sanyi tana gangara kamar ruwa, ta bi kwari ta taru a inda ya fi zurfi, ko a bayan katanga ko tudun ƙasar da ya tare mata hanya. Idan kana son sanin inda sanyi zai fi cin gonarku, ka duba inda ruwa zai kwanta da an yi ruwan sama. Kuma kada ka kafa shimfiɗarka a nan.

Ga yadda nake karanta dare, kuma kai ma za ka iya tun daga yau. Bayan sallar magariba ka fita fili ka ɗaga kai. Idan sama ta washe, taurari sun fito har ƙasa-ƙasa kusa da inda sama ta haɗu da ƙasa, taga a buɗe take. Sai ka duba iska. Idan tana kaɗa rigarka, tana motsa ganyen dabino, za ta riƙa gauraya iskar sama mai ɗumi da ta ƙasa, sanyin ba zai taru ba, ko da jikinka zai ji kamar ya fi. Idan ta kwanta, hayaƙin shayinka yana tashi a miƙe, ka yi hattara. Sannan ka duba matakin raɓa. A hunturu, idan ka ga sama tar, iska shiru, matakin raɓa ƙasa da sifili, zafin magariba kuma bai wuce 12 ko 13 ba, ka ɗauka akwai haɗari kafin asuba, domin faɗuwar digiri goma a irin wannan daren abu ne da aka saba, ganye kuma zai ƙara nasa a kai. Mafi kyau, ka nemi ɗan ma'auni mai riƙe lambar mafi ƙanƙanta, ka ajiye shi a kan katako daidai tsayin ganye a wuri mafi kwari, ka riƙa rubuta abin da ya nuna kowace safiya kusa da abin da waya ta faɗa. Cikin mako biyu za ka san gibin gonarku, kuma wannan gibin ya fi duk wani hasashe amfani a gare ka.

Ka kuma bambanta wannan da sanyin da iska ke kawowa. A lokacin da mutanen Najad ke kira murabba'aniyya, kwana arba'in ɗin da ke farawa a makon farko na Disamba, iskar shamal tana gangarowa daga arewa da nata sanyin, ta yi kwana biyu ko uku tana busawa. Wannan kam baƙo ne, daga wani wuri ya zo. Amma a gwajina, daren da ya fi kashe shuka ba daren busawar ba ne, daren da ta tsaya ne. Ta riga ta share girgije, ta bushe iska, ta sauke zafin rana, sannan ta yi shiru ta bar taga a buɗe. Mutane sukan saki jiki da sun ji iska ta lafa, a ranar ya kamata a fi shiri.

Maganin duka daga dalilin yake fitowa. Tunda ta sama zafi ke gudu, duk abin da ka shimfiɗa tsakanin shuka da sama yana aiki. Farin mayafin nan mara nauyi da ake rufa wa shuka yana iya ƙara digiri biyu ko uku, amma a rufa shi kafin faɗuwar rana, a danne gefensa da ƙasa don ya riƙe ɗumin da ke tasowa daga ƙasan. Leda ba ta kai shi ba, siririyar leda huci yana ratsa ta, kuma duk ganyen da ya taɓa ta yana ƙonewa. Tunda busasshiyar ƙasa ba ta ajiya, a yi ban ruwa da rana kafin daren da ake tsoro, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta sha zafi da zurfi ta riƙa sakinsa har asuba. Kada a yi huɗa ko kaftu a irin waɗannan kwanakin, ƙasar da aka tayar cike take da iska, ta zama kamar bargo a kan ɗumin da shuka ke bukata. Masu kunna ruwan feshi cikin dare kuma su sani, idan an fara ba a tsayawa sai rana ta fito ƙanƙarar ta narke. A iska mai bushewa irin taku, ruwan da aka fesa aka katse yana ƙafewa ya ƙara sanyaya ganyen, ɓarnar ta fi ta wanda bai kunna ba.

Kai ma jikinka haka yake. Idan ka kwanta a fili, bargonka yana huci zuwa ga waccan saman mai sanyi, ga busasshiyar iska tana ɗauke danshin fatarka. Ka koma ƙarƙashin rumfa, ko ta kwano ce ko ta ganyen dabino, ko da babu bango ko ɗaya, za ka ji bambanci a daren farko. Ka sa wani abu mai kauri tsakaninka da ƙasa, ka rufe kai, ka nemi farwa, babbar rigar sanyin nan mai gashi a ciki, kafin Disamba ta shigo tun ba ta yi tsada ba. Abu ɗaya nake roƙonka da girman Allah: kada ka shiga da garwashi ɗaki ko tanti ka rufe ƙofa ka kwanta. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana ɗauke mutum cikin barci. Ka ji ɗuminka a waje, ka kashe shi, sannan ka shiga.

Wani abu kuma, don kada bazara ta zo ka ce na faɗa maka ba daidai ba. Faɗuwa ce ke da girma a hamada, amma inda aka faɗo ya danganta da inda aka taso. A Yuli, Riyad tana kai wa 43 ko 44 da rana, da asuba ta sauko wajen 29. Faɗuwar digiri goma sha huɗu ko sha biyar ce, amma babu mai kiran 29 sanyi. Daren gajere ne, ƙasa ta sha zafi na watanni har cikinta, a cikin gari kuma siminti da kwalta suna ajiye zafi fiye da yashi, dogayen gine-gine suna tare wa juna sama. A Janairu kuwa Riyad tana tashi daga wajen 20 ta sauka wajen 9, a Tabuk da Ha'il da Ɗuraif kuma sauka ƙasa da sifili ba baƙon abu ba ne. Ƙura ma tana canza lissafi. Ran da ajaj, wato guguwar ƙura, ya turnuƙe sama, rana ba ta ƙuna sosai, dare kuma ba ya sanyi sosai, domin ƙurar tana yin ɗan aikin girgije.

Watannin da ka tarar, na kaka, da kuma Maris zuwa Afrilu, su ne suka fi nuna abin da ka gani, saboda rana tana da sauran ƙarfinta, dare kuma ya yi tsawon da zai zubar da abin da aka tara. Mutanen Najad suna lissafin farkonsa daga fitowar tauraron Suhailu a wajen 24 ga Agusta, suna cewa idan ya fito dare ya fara daɗi. Yanzu kana ganinsa can kudu, ƙasa-ƙasa, a ƙarshen dare. Ran da ka gan shi yana ƙyalli tar babu hazo a ƙarƙashinsa, ka je ka duba ɗan ma'aunin da ka ajiye a kwari kafin rana ta taɓa shi, ka turo mini lambar tare da matakin raɓar magaribar jiya, mu lissafa gibin gonarku tare.